Hotunan iPhone sun ɓace bayan an taɓa iCloud: yadda za ka gano inda na asalin suke

Mutum ya buɗe wayarsa ya tarar da hoto ɗari takwas a inda jiya akwai dubu shida. Ko kuma hotunan suna nan, amma da ya taɓa ɗaya sai ya fito dishi-dishi, da ɗan zobe yana juyawa a kusurwar ƙasa, daga baya alamar motsin rai ta bayyana. Galibi wannan ba asara ba ce. Hotunan suna nan, wurin zamansu ne ya bambanta da inda ake zato. Inda asarar gaskiya take aukuwa shi ne a cikin awannin farko, lokacin da hankali ya tashi aka shiga kunnawa da kashewa, ana gogewa don a samu wuri, ko aka miƙa wayar ga mai gyara ya wanke ta. Don haka kafin komai, ka ɗaga hannunka daga wayar. Kada ka goge ko da hoto ɗaya, kada ka fita daga asusunka na Apple, kada ka yarda a mayar da wayar sabuwa.

Yawancin wayoyin da ke hannun mutane a Yamai da Tawa Faransanci suke nunawa, shi ya sa sunayen maɓallan da ke nan na Faransanci ne. Inda ya zama dole an haɗa da na Ingilishi, saboda wayoyin da suka shigo ta Kano ko Dubai.

Abin da wayar take yi da hotonka

Idan an kunna haɗin hotuna da iCloud, duk hoton da ka ɗauka wayar tana tura shi ma'ajiyar Apple ta intanet. Daga nan akwai zaɓi biyu a Réglages, sai sunanka a can sama, sai iCloud, sai Photos. Na farko shi ne « Optimiser le stockage de l'iPhone », a Ingilishi Optimize iPhone Storage. Na biyu « Télécharger et garder les originaux », wato Download and Keep Originals.

Idan na farkon ne ke da alama, wayar tana da izinin cire cikakken hoto daga cikinta duk lokacin da wuri ya yi mata kaɗan, ta bar maka ɗan ƙaramin kwafi wanda ya isa ka gane hoton a jeri. Cikakken yana iCloud. Da ka taɓa hoton sai ta je ta ɗauko shi ta intanet, kuma zoben nan mai juyawa shi ne alamar tana kan ɗaukowa. In babu rezo, ko forfe ya ƙare, ko wayar ta cika maƙil har babu inda za ta sauke shi, sai hoton ya tsaya a dishi-dishinsa. Ba lalacewa ya yi ba. Tsofaffin hotuna da bidiyoyin da aka daɗe ba a buɗe ba su ne take fara ragewa, shi ya sa hotunan suna ko na biki na shekaru uku baya suka fi nuna wannan hali, na makon jiya kuwa suna buɗewa tar.

Akwai abu biyu da suka biyo bayan wannan, kuma su ne suke cin mutane. Na ɗaya, iCloud ba rumbu ba ne da ake zuba hatsi a kulle. Madubi ne. Abin da ka goge a waya yana goguwa a can, da kuma a kowace na'ura da ke kan asusun. Na biyu, idan haɗin hotuna yana kunne, ajiyar wayar da ake kira « Sauvegarde iCloud » ba ta ɗaukar hotunan, domin Apple yana lissafa su a matsayin waɗanda suka riga suka shiga. Wanda ya ce zai dawo da hotuna ta hanyar wanke waya a zuba mata tsohuwar ajiya, a irin wannan hali aikin banza zai yi, ya kuma hallaka sababbin hotunan da ba su kai ga hawa ba.

Mataki na farko: ƙidaya a waya, ƙidaya a iCloud

Duk binciken ya rataya ne a kan lambobi biyu da kwanan wata ɗaya.

A waya, shiga Réglages, Général, Informations. Za ka ga layin Photos da na Vidéos, kowanne da adadinsa. Rubuta su a takarda. Ka koma baya ka shiga « Stockage iPhone » ka rubuta jiga nawa suka rage. A wayar Faransanci jiga shi ne Go, mega kuma Mo.

Sai ka buɗe Safari a wayar, ko mafi kyau a kwamfuta, ka rubuta:

```
icloud.com/photos
```

Shiga da adireshin asusunka na Apple da kalmar sirri. Za a turo lambobi shida a kan wayar ko ta saƙon tes, ka saka. Abin da ka gani a wannan shafi shi ne ainihin abin da Apple ke riƙe da shi, ba ruwansa da halin da wayarka take ciki. Duba adadin hotuna da bidiyoyi, sannan ka nemi hoto mafi sabunta ka rubuta ranar da aka ɗauke shi.

Yanzu kwatanta. Idan iCloud ya fi wayar yawa nesa ba kusa ba, hotunanka suna nan lafiya, wayar ce ta daina nuna su. Idan hoto na ƙarshe a iCloud na watannin baya ne alhali kana ta ɗaukar hoto har jiya, to haɗin ya tsaya tun wannan rana, kuma duk abin da ka ɗauka bayanta a cikin wayar kaɗai yake, ba shi da kwafi a ko'ina. Idan kuma shafin fayau yake, ko hotunan da ke ciki ƴan kaɗan ne, kada ka yanke ƙauna tukuna. Sau da yawa asusun ne ba shi ba, za mu zo kansa.

Misali daga farko har ƙarshe

A ɗauka wata mai ɗinki ce a Tawa, tana da iPhone 11 mai jiga 64. Hotunan samfurin ɗinki ne suka cika ta, da na ƴaƴanta, da bidiyoyin bukukuwa. Apple yana ba kowane asusu jiga 5 kyauta, wanda ba ya kai ko'ina, don haka ƙaninta da ke ƙasar waje ya saya mata tsarin jiga 50 da katin bankinsa, ana cire kuɗin wata-wata. A watan Maris katin ya ƙare aiki, biyan bai wuce ba, asusun ya koma jiga 5. Daga nan wayar ta fara damunta da saƙon cewa iCloud ya cika. Wata uku tana haƙuri, rannan ta ba wani yaro mai gyaran waya ta ce ya raba ta da wannan saƙo. Ya shiga ya kashe « Synchroniser cet iPhone ». Wayar ta tambaye shi ko ta sauke hotunan, « Télécharger les photos et vidéos », ko ta cire su, « Supprimer de l'iPhone ». Ya ga babu wurin saukewa, ya danna na biyun. Ta isa gida ta ga hoto 800 da bidiyo 40.

Abin da ya faru shi ne wayar ta share ƙananan kwafin nan da take riƙe da su, tunda an yanke igiyar da ke haɗa su da na asali. Ba ta taɓa abin da ke iCloud ba. A shafin intanet an tarar da hoto 5,400 da bidiyo 300, na ƙarshensu na watan Maris. Ke nan dukiyarta ta rabu gida biyu: tsofaffin suna iCloud kaɗai, na Maris zuwa yau suna waya kaɗai. Kowane kashi kwafi ɗaya tak gare shi a duniya.

Sai lissafin nauyi. Hoton iPhone 11 a tsarin HEIC yana kai wajen mega 2, wato 5,400 sun kama kusan jiga 11. Bidiyo mai ingancin 1080p yana cin wajen mega 60 a minti ɗaya, idan kowanne minti ɗaya ne a matsakaici, 300 sun kama jiga 18. Jimilla wajen jiga 29. Wayarta jiga 9 suka rage mata. Ko da ta zaɓi a sauke na asali duka, ba za su shiga ba: wayar za ta fara, ta cika, ta tsaya a tsakiya, WhatsApp ma ya daina buɗewa. Wanda ke ɗaukar bidiyo a 4K kuwa lissafinsa ya fi haka nauyi, domin minti ɗaya yana cin mega 170, ya kai 400 idan an sa shi a 60 fps.

Ga tsarin da ya dace da ita, kuma jerin yana da muhimmanci.

Da farko a tsare kashin da ya fi rauni, wato 800 da 40 ɗin da ke waya. Waya tana faɗuwa a ruwa, ana sace ta a kasuwa, iCloud kuwa ba ya faɗuwa daga aljihu. A haɗa wayar da kwamfuta ta igiyar caji mai kyau, a buɗe makullin wayar, a danna « Se fier » idan ta tambaya, a shiga cikinta daga kwamfutar, a kwashe duk abin da ke cikin jakar hotuna mai suna DCIM gaba ɗaya. Wajen jiga 4 ne. A ƙidaya abin da ya sauka, a buɗe guda goma daga wurare daban-daban a tabbatar suna buɗewa.

Na biyu, a sauke na iCloud zuwa kwamfutar. Na uku, in ana so hotunan su dawo cikin wayar, a gyara biyan kuɗin jiga 50, sannan a sake kunna « Synchroniser cet iPhone » a bar shi a kan Optimiser. Sake kunnawa ba ya share komai daga ɓangarorin biyu, haɗa su yake yi: na waya su hau, na iCloud su bayyana a waya. Jiga 29 da jiga 4 sun zama 33, sun shiga cikin 50. In aka kunna ba tare da an gyara biyan ba, tsofaffin za su iya bayyana, amma sababbin ba za su hau ba, saƙon nan kuma ya dawo. Abu ɗaya da wayar ke cirewa a lokacin kunnawa shi ne hotunan da aka taɓa zuba mata daga kwamfuta ta iTunes, kuma takan yi gargaɗi kafin ta yi.

Kada a bar asusu yana ɗauke da jiga 29 a tsarin jiga 5 ana cewa ai suna nan. Kaya ne a ɗakin da hayarsa ta ƙare. Ko a biya, ko a kwashe.

Sauke na asali daga iCloud

Shafin icloud.com ba ya barin a sauke fiye da abu 1,000 a karo ɗaya. Ga mai abu 5,700 karo shida ke nan a ƙalla, amma da irin intanet ɗin da muke da shi, da ɗaukewar kuran da ke iya zuwa ba sallama, ya fi kyau a yanka su ƙanana. Ɗari biyu zuwa ɗari uku a karo, ko wata-wata. Kowane karo yana zuwa a dunƙule cikin fayil ɗin zip, kuma idan rezo ya yanke a tsakiya galibi sai an sake daga farko. Asarar mega 600 ta fi sauƙin haɗiya a kan asarar jiga 5.

A kwamfuta, danna hoto na farko, riƙe Shift, danna na ƙarshe, duk na tsakaninsu za su zaɓu. Kafin ka sauke, nemi zaɓuɓɓukan saukewa. Akwai wanda ke ba da hoton kamar yadda kyamara ta ɗauke shi, a Ingilishi Unmodified Originals, akwai kuma Most Compatible wanda ke juya shi zuwa JPEG. Don ajiya, na farkon ake so. Sai dai ka sani fayilolinsa HEIC ne, kuma Windows ba ya buɗe su sai an saka masa ƙarin HEIF daga Microsoft Store. Mutane da dama sun sauke hotunansu lafiya lau, kwamfuta ta ƙi buɗewa, suka ɗauka sun lalace suka share. Haka kuma za ka ga wasu hotunan sun zo biyu-biyu da suna ɗaya, ɗaya HEIC ɗaya MOV. Hotuna masu motsi ne, waɗanda ake kira Live Photos, MOV ɗin shi ne ƴan daƙiƙun motsin. Ba kuskure ba ne.

Ka raba bidiyoyi da hotuna, ka fara da hotuna. Su ne masu yawa amma marasa nauyi, cikin ƴan awanni ka tsare mafi yawan abin da ka damu da shi. A misalin mai ɗinkin nan, idan layin yana ba da megabit 5 a daƙiƙa ba yankewa, jiga 29 zai ci wajen awa 13, kusan biyar a hotuna, takwas a bidiyoyi. Aikin kwana biyu ko uku ne, ba na zama ɗaya ba, kuma a kan forfen waya kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Wifi na ofis, na gidan ɗan'uwa, ko forfen dare ya fi.

Ka riƙe takarda kana rubuta inda ka tsaya: watan Janairu 2022 ya sauka, abu kaza. Ba tare da haka ba, a karo na huɗu za ka rikice, ka maimaita wasu ka tsallake wasu.

Idan a kile za ka zuba, duba tsarinta. Kile mai tsarin FAT32 ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce jiga 4, za ta ce babu wuri alhali fayau take. A mayar da ita exFAT tun kafin a zuba komai, domin sauya tsarin yana share abin da ke ciki. Akwai kuma kilolin jabu a kasuwa waɗanda aka rubuta musu jiga 128 alhali cikinsu bai kai 8 ba. Suna karɓar komai ba musu, sai ranar buɗewa a tarar da fayiloli matattu. Bayan ka zuba, cire kilen, mayar da ita, buɗe hotuna daga farko da tsakiya da ƙarshe.

Wanda zai yi aikin a siber, idan shafin ya tambaya ko a amince da wannan kwamfuta, ya ce a'a. In ya gama ya fita daga asusun, ya share abin da ya sauka a kwamfutar, ya kuma zubar da kwandon shararta. Hotunan iyali ne.

Idan hotunan suna nan amma sun ƙi buɗewa

Wannan ya fi sauƙi. Haɗin yana kunne, wani abu ne ya tare hanya. Buɗe Photos ka gangara ƙarshen jerin hotuna, akwai layin da ke faɗin halin da ake ciki. Daga iOS 18 zuwa sama ana ganinsa ne idan an taɓa alamar asusu a kusurwar sama. In ya ce an dakata, dalilin yakan kasance ɗaya daga cikin huɗu.

« Mode économie d'énergie », wanda ke mayar da alamar batir ruwan ɗorawa, yana dakatar da haɗin, kuma mutane da yawa suna barinsa kunne kullum saboda rashin tabbacin kuran. « Mode faibles données » ma haka yake yi, ana samunsa a saitin wifi da na layin waya. Na uku, a saitin Photos akwai « Données cellulaires »: in an kashe shi, wayar ba za ta ɗauko komai ba sai a wifi. A ƙarƙashinsa akwai « Mises à jour illimitées », wanda in ka kunna shi zai iya cinye forfen wata cikin dare ɗaya, don haka ka san abin da kake yi. Na huɗu zafi ne. iPhone yana dakatar da wannan aiki idan jikinsa ya yi zafi, kuma a Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a Yamai, waya a kan caji cikin kwalinta na roba ba ta daɗewa kafin ta kai wannan matsayi. Cire mata rigar, ajiye ta a ƙasan siminti a inuwa ko gaban fanka, ka bar aikin zuwa dare. Kada a sa ta a firji, raɓar da za ta taru a cikinta ta fi zafin illa.

Idan duk waɗannan lafiya suke, duba wurin da ya rage. Wayar da ba ta da ko jiga ɗaya ba za ta iya sauke bidiyo ba. A nemi wuri daga wani gefe, kamar manhajojin da ba a amfani da su ko bidiyoyin da aka turo a zaurukan WhatsApp. Ban da cikin Photos.

A nan ne ake yin wani kuskure mai tsada. Mutum zai sayi sabuwar waya, ya haɗa tsohuwar da kwamfuta ya kwashe DCIM, ya ɗauka ya kwashe komai, sannan ya share iCloud. Alhali idan Optimiser yana kunne, igiya ba ta ba ka sai abin da cikakkensa ke cikin wayar a wannan lokaci. Wayar na iya nuna dubu shida, kwamfuta ta ga dubu ɗaya. Kullum ka kwatanta adadin da ya sauka da adadin da ke shafin iCloud.

Idan babu su a iCloud ma

Fara da « Supprimés récemment », wato Recently Deleted, a wayar da kuma a shafin intanet. Abin da aka goge yana zama a nan kwana 30. Daga iOS 16 wurin yana kulle, sai da fuska ko yatsa ko lambar buɗe waya yake buɗewa. Zaɓi hotunan ka danna « Récupérer ». Kusa da shi akwai « Masqués », inda hotunan da aka ɓoye suke, kuma yaro mai wasa da waya yana iya tura hoto ɗari can ba da sani ba. Ga wani gargaɗi da ba kowa ya sani ba: idan iCloud ya cika ya wuce iyaka, abin da ka goge yana iya tafiya kai tsaye ba tare da ya tsaya a wannan zango na kwana 30 ba. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce kada a goge komai tun farko.

Akwai kuma maɓalli mai haɗari a cikin sarrafa ma'ajiyar iCloud, « Désactiver et supprimer », wato Turn Off & Delete. Ya bambanta da kashe haɗin a waya ɗaya. Shi yana umartar Apple ya share hotunan daga iCloud ɗin kansa. Ana ba da kwana 30 a janye umarnin daga wannan wuri, ko a sauke hotunan. Idan wani ya taɓa maka waya don ya rage cikar iCloud, ka tambaye shi ainihin abin da ya danna da ranar da ya danna, ka fara ƙirga kwanaki daga nan.

Sai batun asusu, wanda a wajenmu yake yawan faruwa. Waya ta hannu ake saye, mai shago ya buɗe asusu nan take da adireshin da shi kaɗai ya sani, ko ya bar nasa a kai. Bayan shekara biyu a canja waya, wani mai shagon ya buɗe sabo. Hotunan shekara biyun suna can a tsohon asusun, ba za su taɓa bayyana a sabon ba. Duba adireshin da ke ƙarƙashin sunanka a Réglages, ka kwatanta da wanda ke tsohuwar wayar idan tana nan, ko ka bincika akwatin imel ɗinka ka ga wane adireshi Apple ya taɓa aiko wa saƙo. In ka gano asusun amma kalmar sirri ta ɓace, hanyar ita ce:

```
iforgot.apple.com
```

Za a nemi lambar wayar da aka ɗaura wa asusun. Idan layin ya ɓace, ka fara zuwa ofishin kamfaninka, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, da katin shaidarka, ka nemi a dawo maka da lambar. Wannan ya fi saurin warware matsalar a kan jiran Apple ya tantance ka, wanda kan ɗauki kwanaki.

Haka nan gidan da miji da mata, ko wa da ƙani, suke kan asusu ɗaya. Ɗaya ya ga hotunan da ba nasa ba sun cika masa waya, ya share, su ɓace a wayar ɗayan. In ba a wuce kwana 30 ba, suna cikin « Supprimés récemment » na kowace daga cikin wayoyin, muddin wanda ya share bai bi su can ya ƙarasa ba.

Idan kwana 30 sun wuce kuma babu su a ko'ina, gaskiya ita ce manhajojin da ake tallatawa da sunan dawo da hotunan iPhone ba za su fito da abin da ba ya cikin wayar ba. Ma'ajiyar iPhone a rufe take da mabuɗin sirri, fayil ɗin da aka share har ƙarshe ba ya tonuwa kamar na katin memori. Abin da suke nuna maka kafin ka biya galibi ƙananan kwafi ne da hotunan da dama suna nan. Ƙoƙarin ya fi amfani a wasu wurare: tsohuwar waya ko iPad da ta daɗe ba ta hau intanet ba, wadda za ka sa ta a « Mode Avion » da zarar ta kunnu don kada ta ji labarin gogewar ta bi sahu, ko Google Photos idan an taɓa saka shi, ko kwamfutar da aka taɓa yi wa wayar ajiya a kai, ko mutanen da ka tura wa hotunan.

Yadda ake gane na asali

Buɗe hoton, ka taɓa alamar ⓘ ko ka ja shi sama. Na asali zai nuna sunan wayar da ta ɗauke shi, da suna irin IMG_4821, da girma irin 3024 × 4032, wato 12 MP, da nauyin mega ɗaya zuwa huɗu. Wanda ya biyo ta WhatsApp a turawar yau da kullum ba ya nuna sunan kyamara, girmansa ya ragu, nauyinsa ƴan ɗaruruwan Ko ne, wato bai kai mega ɗaya ba, ranar da ke kansa kuma ranar da aka adana shi ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Shi ya sa wani lokaci hoton yana cikin wayar amma ya koma wata shekara a jeri, ana nemansa inda ba ya nan. Na cikin « Albums partagés » ma ragaggu ne, galibi ba sa wuce ɗigo 2048 a dogon gefensu. Don kallo a waya duk sun wadatar, amma idan za a wanke hoton a babban kati a rataya a ɗaki, bambancin zai fito.

Idan wani ɗan'uwa ne ke da na asalin a wayarsa, ka roƙe shi ya turo ta AirDrop in kuna kusa, ko ta WhatsApp amma a matsayin « Document », wanda ke kai fayil ɗin yadda yake ba tare da an matse shi ba. Wanda kuma yake son ya fitar da ƴan hotuna kaɗan daga wayarsa kai tsaye, a sababbin iOS akwai Export Unmodified Originals a cikin jerin rabawa. Wayar za ta fara ɗauko cikakkun daga iCloud, sannan ta zuba su a Fichiers ko a kilen da aka soka mata. Daga iPhone 15 zuwa sama kile mai bakin USB-C tana shiga kai tsaye, na ƙasa da haka sai da mahaɗin Lightning.